IRR: Me Ya Sa Lissafi Ɗaya Ke Ba Da Amsa Biyu, Kuma Duka Daidai?

Duk wanda ya taɓa rubuta tsarin kasuwanci don neman rance a banki ko neman mai zuba jari ya san akwai layin da ake tambaya, wai nawa ne IRR ɗin aikin. Yawanci akanta ne zai zuba lambobi a Excel, amsa ta fito, a rubuta a wuce. To amma akwai irin ayyukan da mutum biyu za su zauna da lambobi iri ɗaya, wannan ya ce kashi 10 cikin ɗari, wancan ya ce kashi 20, a yi ta musu kowa na ganin ɗan uwansa ne ya yi kuskure, alhali babu wanda ya yi kuskure a cikinsu. Wani lokacin ma kwamfutar ce za ta ƙi ba da amsa kwata-kwata. Abin yana da dalili, kuma dalilin bai da wuyar ganewa in an bi shi a hankali.

Tukuna, mene ne IRR ɗin?

Tushen maganar dai shi ne naira 100 ta yau ba ɗaya take da naira 100 ta baɗi ba. In kuɗinka na iya kawo maka kashi 10 a shekara a wata harkar, to naira 110 da za a ba ka baɗi daidai take da naira 100 a hannunka yau. Wato in kana so ka san darajar kuɗin baɗi a yau sai ka raba shi da 1.1, na shekara biyu ka raba da 1.1 sau biyu, haka dai har ƙarshe. Wannan kason da ake rage darajar kuɗin gaba da shi bari mu kira shi ma'aunin ragi. Ba lallai ya zama kuɗin ruwan banki ba, ga mai guje wa riba ta haram yana iya zama abin da kuɗin nan zai kawo in an juya shi a sayen hatsi ko kiwo ko wata sana'ar da ka saba.

In ka dawo da duk kuɗin da zai shigo da duk wanda zai fita zuwa darajarsu ta yau, ka haɗa, abin da ya rage shi ake kira NPV. In ya haura sifili aikin ya fi waccan harkar da ka gwada shi da ita, in ya gaza sifili gara ka bar kuɗinka inda yake.

Shi kuma IRR tambayar ce aka juya. Maimakon ka kawo ma'aunin ragi daga waje, sai ka ce: wane ma'auni ne in na yi amfani da shi NPV zai zama sifili cif? Ka sa 100 yau ka karɓi 130 baɗi, amsar kashi 30 ce, babu wata. Tunanin tsoho ne, masanin tattalin arziki Irving Fisher ya yi bayanin makamancinsa a 1930, takwaransa Keynes ma ya kawo shi da wani suna a 1936. Kuma ƙa'idar da aka koya wa kowa ita ce in IRR ya fi tsadar jarinka, wato ma'aunin ragin da ka kawo daga waje, ka shiga, in bai kai ba ka janye. Wannan ƙa'ida tana aiki lafiya lau matuƙar kuɗi ya fita da farko, daga nan kuma shigowa kawai yake har ƙarshe. Matsalar na farawa ne ranar da kuɗi ya sake fita bayan ya shigo.

Misalin ramin jar ƙasa

A ce ɗan kwangila ya samu aikin kai jar ƙasa wurin ginin titi. Yau zai kashe naira miliyan 100, hayar fili da katafila da tifofi da sauransu. Ƙarshen shekarar farko za a biya shi miliyan 230. Amma a yarjejeniyar da ya sa wa hannu akwai sharaɗin cewa a ƙarshen shekara ta biyu sai ya cike ramin ya gyara filin ya mayar wa masu shi, kuma wannan zai ci miliyan 132. Lambobin uku ke nan: fita 100, shiga 230, fita 132. Ka lura alamar ta sauya sau biyu, daga fita zuwa shiga, sannan daga shiga zuwa fita.

Gwada kashi 10. 230 a raba da 1.1 ya ba da 209.09. 132 a raba da 1.21 ya ba da 109.09. To 209.09 a cire 109.09 a cire 100, sifili. Ke nan IRR kashi 10 ne.

Yanzu gwada kashi 20. 230 a raba da 1.2 ya ba da 191.67, 132 a raba da 1.44 ya ba da 91.67, a cire a kuma cire 100, sifili ne nan ma. Ke nan IRR kashi 20 ne shi ma.

A ce tsadar jarin ɗan kwangilar nan kashi 15 ce. Akantan da ya samu 20 zai ce a shiga tunda 20 ta fi 15, wanda ya samu 10 zai ce a gudu. Ƙa'idar da aka haddace ta tashi aiki ke nan, don tana ba da umarni biyu masu karo da juna.

Abin da zai fi buɗe ido shi ne a bi NPV ɗin mataki-mataki. A kashi sifili, wato in ba a rage komai ba, 230 a cire 232, asarar miliyan 2. A kashi 5 asarar ta ragu zuwa kamar naira dubu 680. A 10 sifili. A 15 riba ce ta kamar naira dubu 190. A 20 ya dawo sifili, a 25 kuma asara ce ta dubu 480, daga nan ƙasa kawai yake yi. Ka ga kamar ɗan tudu ne da ya leƙo sama da ruwa, ya fito a 10 ya nutse a 20. Aikin yana da riba ne kawai ga mutumin da tsadar jarinsa ke tsakanin 10 da 20, kuma ko a can ɗin ribar ba ta kai dubu 200 ba a kan miliyan 100 da aka sa, wanda ko farashin gas na tifa ya ɗan motsa ya cinye ta. Lambar 20 ɗin nan da take da daɗin ji ba ta gaya maka wannan ba sam.

Daga ina amsa ta biyun ta fito?

Bayanin da ya fi sauƙi shi ne a ɗauki aikin kamar mutum ne da kuke bashi da shi. Shekarar farko kai ne ka ba shi 100, shi ke riƙe da kuɗinka. In ana lissafi da kashi 10, ƙarshen shekara kana binsa 110. Sai ya miƙo maka 230, ya biya ka ke nan har ya ɗora maka 120 da ba naka ba. Yanzu kai ne ke riƙe da kuɗinsa, lamarin ya juye. 120 ɗin nan da ƙarin kashi 10 ya zama 132, daidai abin da za ka biya na cike rami. Kun rabu babu mai bin wani.

A sake da kashi 20. Kana binsa 120, ya ba ka 230, rarar 110 ce a hannunka, 110 da ƙarin kashi 20 ya zama 132. Nan ma kun rabu lafiya.

To ka ga inda gizo ke saƙar. Lamba ɗaya ce ake sa ta aiki biyu. A shekarar farko ita ce ribar da kake samu a matsayin mai ba da kuɗi, a ta biyu ita ce tsadar da kake biya a matsayin mai riƙe da kuɗin wani. Mai ba da bashi yana son kason ya yi sama, mai cin bashi yana son ya yi ƙasa, kai kuma a wannan aikin kai ne duka biyun. In ma'aunin ragi ya hau, darajar 230 ɗinka tana raguwa, wannan ya cuce ka, amma nauyin 132 ma yana raguwa kuma da sauri tunda shi sau biyu ake raba shi, wannan ya taimake ka. Da farko taimakon ne ke rinjaye sai NPV ya hau, can gaba cutar ta rinjaya sai ya sauko, shi ya sa ya ratsa sifili sau biyu.

A ɓangaren lissafi zalla kuwa, in ka kira ma'aunin ragi da sunan r, ka kira 1 + r da sunan x, ka ninka komai da x sau biyu, abin da ke fitowa shi ne:

```
100x² - 230x + 132 = 0
x = 1.1   ko   x = 1.2
```

Irin lissafin nan ne da aka koya mana a sakandare mai amsa biyu. Aikin shekara goma zai ba da x mai ƙarfin goma, mai iya samun amsoshi har goma. Abin da ke taƙaita yawansu shi ne wata ƙa'ida da René Descartes ya rubuta a 1637: amsoshin da suka haura sifili ba za su wuce yawan sauyin alama ba, kuma in sun gaza to da biyu-biyu suke raguwa. Sauyi ɗaya, amsa ɗaya tak, shi ya sa ayyukan yau da kullum ba sa ba da ciwon kai. Sauyi biyu, amsa biyu ko babu. Sauyi uku, uku ko ɗaya. A kula, x ya haura sifili na nufin r ya haura ɗebe kashi 100, don haka wata amsar na iya zama ƙasa da sifili.

Wannan “ko babu” ɗin ba wasa ba ne. Ƙara miliyan 1 kacal a kuɗin cike ramin ya zama 133, tudun nan ya nutse gaba ɗaya, babu wani ma'aunin da zai kai NPV sifili, aikin asara ne ga kowa kuma bai da IRR. In kuma kuɗin ya sauko zuwa 120, amsoshin su zama kashi 50 da ɗebe kashi 20, ta biyun ba wanda zai ruɗe da ita.

Akwai gwajin da ya fi na Descartes kaifi, na Carl Norstrom a 1972. Maimakon kallon kuɗin kowace shekara, sai ka riƙa tarawa. Na 120 ɗin: ɗebe 100, sai 130, sai 10. Tarin ya sauya alama sau ɗaya kuma ya ƙare a sama, wannan na tabbatar da cewa IRR mai haura sifili guda ɗaya ne. Na 132 kuwa: ɗebe 100, 130, ɗebe 2, sauyi biyu, babu tabbaci. Gwajin minti ɗaya ne.

Inda ake cin karo da shi

Misalin da ya shahara a littattafai na famfon mai ne, wanda ya samo asali daga rubutun James Lorie da Leonard Savage na 1955. Kamfani zai sa babban famfo a rijiyar mai a kan dala 1,600. Famfon ba ya ƙara yawan man da ke ƙasa, sai dai ya zuƙo shi da wuri, don haka baɗi a samu ƙarin 10,000, shekara ta biyu kuma a rasa 10,000 ɗin da da can za a samu. IRR ɗinsa kashi 25 da kashi 400. Wanda ya ji 400 zai ɗauka ya tsinci dami a kala, alhali duk abin da aka saya da 1,600 ɗin shi ne damar riƙe 10,000 na shekara ɗaya. In kuɗi a hannunka kashi 20 yake kawowa, ka biya 1,600 yau ne don ka samu 2,000 bayan shekara biyu, wato ƙasa da kashi 12 a shekara, bai kai ba.

Haƙar ma'adinai da mai su ne gidan wannan matsala, saboda ƙarshensu kashe kuɗi ne. Ma'adanar yuraniyom ta Cominak da ke Akouta kusa da Arlit a Nijar ta daina haƙa a ƙarshen Maris 2021, abin da ya biyo baya aikin rufewa ne da gyaran wuri na shekaru, kuɗi na fita babu na shiga. Haka masana'antar da ke bukatar sauya manyan injina a tsakiyar rayuwarta, ko mai gina rukunin gidaje da ke karɓar kuɗin masu saye tun kafin ya gama sannan ya ci gaba da kashewa.

Har adashi yana da wannan siffar. Mutum biyar na zubin dubu 10 duk wata, mai ɗauka ta biyu ta zuba 10, wata na biyu ta kwashi 50 wanda in an cire zubinta 40 ne, sai ta zuba 10 sau uku. Fita, shiga, fita. In ka nemi IRR ɗinta za ka samu sifili, wanda shi ne hankali ya ɗauka tunda abin da ta zuba shi ta kwasa, amma akwai amsa ta biyu da ta haura kashi 260 a wata. Lissafin daidai ne, sai dai ba wata ribar da ta shiga jakarta.

Abin da Excel ba ya faɗa

Excel ba ya warware lissafin kai tsaye, lalube yake. Yana farawa daga wani hasashe, in ba ka ba shi ba ya ɗauki kashi 10, ya riƙa matsawa har ya faɗa kan amsa, in ya yi zagaye 20 bai samu ba ya rubuta #NUM!. Kuma amsa ɗaya kawai yake kawowa, ba ya gargaɗin cewa akwai wata. In ka sa -100 da 230 da -132 a A1 zuwa A3:

```
=IRR(A1:A3)
=IRR(A1:A3,0.25)
=A1+NPV(0.15,A2:A3)
```

Na farko zai ba ka 10%, na biyu 20%, na uku kuma 0.19. Bambancin akantocin nan biyu ke nan, kowa da inda ya fara lalube. Hanyar ganewa ita ce ka ƙirga sauyin alama tun kafin ka danna komai, in ya wuce ɗaya sai ka jera NPV a kashi 0, 5, 10, har zuwa inda ka ga dama ka duba sau nawa ya ratsa sifili.

Me masana ke cewa a yi?

Malaman jami'a galibi suna cewa a bar IRR a irin wannan hali a koma NPV, tunda shi in ka ba shi ma'auni ɗaya amsa ɗaya zai ba ka, kuma a naira, ba a kaso ba. Rauninsa shi ne dole ka san tsadar jarinka, kuma a inda hauhawar farashi ke tsalle wannan ba ƙaramin aiki ba ne, ga shi a misalinmu kuskuren maki biyar ko shida na juya riba ta koma asara.

Masu gudanar da kamfanoni kuwa ba su saki IRR ba. Binciken da John Graham da Campbell Harvey suka wallafa a 2001 a kan shugabannin sashen kuɗi na kamfanonin Amurka ya nuna kusan kashi uku cikin huɗu na amfani da shi kullum ko kusan kullum, daidai da yadda suke amfani da NPV. Hujjar masu amfani da shi ita ce kaso ya fi sauƙin faɗa da kwatantawa, kuma yawancin ayyuka sauyin alama ɗaya gare su, ko kuma amsa ta biyun tana can nesa inda ba ta ruɗa kowa. Wannan gaskiya ne, sai dai ba ya magance irin na ramin nan da amsoshin biyu duk suke kusa da tsadar jari.

Na tsakiya su ne masu MIRR, wato IRR da aka yi wa gyara. Duk kuɗin fita a dawo da shi yau da wani kaso da ka zaɓa, duk na shiga a tura shi ƙarshe da wani kaso, sai a nemi ribar da ke tsakani. Da kashi 15 a ɓangarorin biyu, fita ya zama 199.81 a yau, shiga ya zama 264.5 a shekara ta biyu, amsar ta fito kashi 15.05, wato ta haura 15 da ƙyar, abin da NPV ya riga ya faɗa. Amsa ɗaya ce kullum. Masu suka na cewa ai an shigo da kaso daga waje, ba lambobin aikin kaɗai ke magana ba kuma, kuma wanda ke son ƙawata aikinsa zai zaɓi kason da ya yi masa.

Akwai kuma hanyar da ta fi kama da yadda ɗan kasuwa ke tunani, ita ce a raba ayyukan nan biyu da lamba ɗaya ke yi. Nawa zan ware daga 230 don in samu 132 baɗi? In kuɗin da aka ware zai kawo kashi 15, sai a ajiye 114.78, ya rage 115.22, ribar jarin 100 ɗin ke nan kashi 15.22. In kashi 5 zai kawo, a ajiye 125.71, riba ta koma 4.29. In ajiya ce kawai ba ƙari, asarar kashi 2 ce. A nan an ga ƙarara cewa ribar aikin ta rataya ne a kan abin da za ka yi da kuɗin da ke hannunka a shekara ta biyu.

Ina ruwan talaka da wannan?

Na farko, mai ƙaramin jari da aka kawo wa takarda an rubuta IRR kaza. Abin tambaya shi ne a nuna masa kuɗin kowace shekara a jere, ya duba ko akwai fita bayan shiga, ya kuma tambayi wa zai biya wancan na ƙarshen. Sau da yawa ma ba amsa biyu ce matsalar ba, cire layin ƙarshen ake yi gaba ɗaya. A misalinmu in an share 132 ɗin IRR zai tashi kashi 130.

Na biyu ya shafi mutanen da ke zaune kusa da ramin. Kuɗin gyaran da za a kashe nan da shekara 20, in aka rage shi da kashi 20 duk shekara, miliyan 132 na komawa ƙasa da miliyan 3.5 a takarda, kusan ba ya motsa lissafi, amma ranar biya miliyan 132 ne cur kuma a lokacin ramin ya daina kawo ko sisi. Kududdufan da haƙar kuza ta bari a Jos da kewaye shaida ce ta abin da ke faruwa in ba a yi wannan aikin na ƙarshe ba. Shi ya sa dokokin yanzu ke tilasta ware kuɗin tun ana samu, kamar dokar man fetur ta Najeriya ta 2021 da ta wajabta wa kamfanoni buɗe asusun rufe rijiyoyi da kwashe kayan aiki. Ta fuskar lissafi wannan daidai yake da abin da muka yi a sama: kuɗin fita na ƙarshe ya dawo cikin shekarun samu, lambobin ɗan kwangilarmu sun koma fita 100 da shiga 115.22, alama ta sauya sau ɗaya, IRR ya koma guda, kuma ya sauko daga 20 ɗin da aka so a nuna wa banki zuwa 15 da 'yan kai.